Sabuwar riga a tsohon hoto: yadda ake daidaita haske

Aiki ne da ake kawo wa masu gyaran hoto kusan kullum. Mutum yana da hoton da fuskarsa ta fito yadda yake so, amma rigar da ke jikinsa ba ta dace da katin ɗaurin aure ko kalanda ko fosta ba. Sai ya ce a cire masa wannan a sa masa babbar riga. Yanke tsohuwar riga da ɗora sabuwa ba ya ɗaukar gwani lokaci mai tsawo. Amma sau da yawa, ko an yanke gefe tsaf babu ko ɗigon tsohon yadi, mai kallo yana ɗaga hoton zai ce, "Wannan ai haɗi ne." Idan ka tambaye shi me ya gani, da wuya ya iya nunawa. Galibi abin da idonsa ya kama shi ne an ɗauki fuskar a wani haske, an ɗauki rigar a wani daban.

Abu biyu ne ke saɓawa: inda hasken ya fito, da launinsa. Masu koyo kan fara da launi, domin shi ne ke da maɓallan da ake ja a ga canji nan take. A ganina wannan fara aiki ne ta baya. Launi yana gyaruwa cikin 'yan mintuna. Gefen da haske ya fito kuwa ya riga ya zauna a cikin kowace tattara ta yadin tun lokacin da aka ɗauki hoton rigar, kuma babu maɓallin da zai juya shi. Saboda haka yawancin aikin yana ƙarewa ne tun wurin zaɓen rigar da za a ɗora.

Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi har ƙarshe. An kawo hoton wani magidanci da aka ɗauka a tsakar gida bayan la'asar, yana sanye da jar riga mai gajeren hannu, bayansa katangar siminti ce da ba a yi wa fenti ba. Yana son farar babbar riga ta shadda. Rigar da mai gyara yake da ita a kwamfuta an ɗauke ta a situdiyo, da filasha mai laima da aka ajiye ta dama.

Kafin a buɗe hoton rigar ma, fuskar mutumin ake karantawa, domin ita ce ba za a canja ba. A ƙara girman hoton a dubi ƙwayar ido. Akwai ɗan farin ɗigo mai ƙyalli a cikinta, wanda hoton fitila ne ko rana ko taga da ya faɗa kan ido. Masu hoto suna kwatanta wurinsa da fuskar agogo. Idan ɗigon yana wajen ƙarfe 10, haske ya zo daga hagun mai kallo, daga ɗan sama. Idan yana ƙarfe 2, daga dama. Idan yana tsakiyar ido tsaf, filashar da ke kan kyamara ce. Daga nan sai inuwar hanci, wadda kullum take faɗawa gefen da ke kishiyantar haske, sai kuma inuwar haɓa a kan wuya. A hoton magidancinmu ɗigon yana tsakanin ƙarfe 9 da 10, inuwar hanci ta miƙe zuwa dama kusan a kwance, kuma kuncin hagu ya fi na dama haske sosai. Ma'ana rana ta yi ƙasa, tana hagun mai kallo. Yana da kyau a buɗe sabuwar leya a zana kibiya mai nuna wannan hanya, a bar ta a kan hoton har a gama. Ido yana sabawa da kuskure idan ya daɗe yana kallonsa, kibiyar ce ke tunatarwa.

Ba masu gyara kaɗai ke karanta waɗannan alamu ba. A 2005 Micah Johnson da Hany Farid, a kwalejin Dartmouth ta Amurka, sun wallafa hanyar gano hoton haɗi ta lissafin inda haske ya faɗo wa kowane abu a cikin hoton. Idan lissafin ya nuna rana biyu a fili ɗaya, an taɓa hoton.

Abu na biyu da fuskar ke faɗa shi ne kaifin hasken. A dubi bakin inuwar hancin. Idan ta yanke kamar an ja layi da biro, hasken ƙarami ne a idon abin da ya haska, wato rana tsirara ko filasha marar laima. Idan inuwar ta narke a hankali har ba a san inda ta ƙare ba, hasken mai faɗi ne: hadari, inuwar bishiya, babbar taga ko laimar situdiyo. Ƙurar hunturu ma tana yin wannan aikin, tana baza hasken rana har inuwa ta yi laushi, baƙi ya koma ruwan toka. Rigar da aka ɗauka cikin rana mai kaifi ba za ta zauna a hoton hunturu ba, komai gyaran launin da aka yi mata.

Yanzu a dubi rigar. Haskenta daga dama yake, na fuskar daga hagu. Dabarar da kowa ya sani ita ce a juya rigar da Flip Horizontal, dama ta koma hagu. Ga atamfa ko mayafi ko riga marar ado wannan ya wadatar. Ga babbar riga akwai tarko. Aljihunta da aikin da ke kansa, aska biyu ne ko aska takwas, suna gefen hagun mai sawa. Idan aka juya hoton sai su koma damansa, kuma duk wanda ya taɓa sa babbar riga zai ga wani abu ya karkace ko da bai gane mene ne ba. Haka kwat ɗin maza: aljihun ƙirji yana hagu, kuma ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama wajen ɓalle maɓalli. Rubutu ko tambari a jikin riga kuwa ba sai an faɗa ba. Mafita ita ce a juya jikin rigar domin tattararta ta karɓi haske daga hagu, sannan a yanko aikin da aljihun daga hoton da ba a juya ba, a mayar da su gefensu na asali. Aikin zare kusan a shimfiɗe yake, don haka ɗan haskaka gefe ɗaya da dusashe ɗayan yakan isa.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, sai dai mutane suna raina ta. A samo rigar ta gaske, a sa wa wani mai irin jikin magidancin, a fita da shi waje bayan la'asar, a tsayar da shi rana tana hagun mai ɗauka, a riƙe kyamara a tsayin da aka ɗauki hoton farko. Minti goma a waje yakan rage aikin awa biyu a gaban kwamfuta, kuma sakamakon ya fi kyau. Idan hakan bai samu ba, rigar da ta fi daraja a ma'ajiyar mai gyara ita ce wadda aka ɗauka da haske mai laushi daga gaba, marar inuwa mai nauyi. Irin wannan ana iya gina mata inuwa ta kowane gefe. Ƙara inuwa yana da sauƙi. Cire wadda ta riga ta zauna shi ne wahala, domin a ƙarƙashin baƙar inuwa babu saƙar yadin da za a fito da ita, sai ɗigo-ɗigon dauɗar kyamara.

An juya rigar, an mayar da aska wurinta. Saura a ƙara wa hasken ƙarfi, tunda na laimar situdiyo ya fi na ranar la'asar laushi. A Photoshop ana buɗe sabuwar leya a saman rigar, a sa ta a Soft Light, a cika ta da ruwan toka na kashi 50, wanda a wannan yanayi ba ya nuna komai. A ɗaure ta ga leyar rigar da Create Clipping Mask domin abin da za a shafa kada ya zuba kan fuska ko katanga. Sannan a ɗauki buroshi mai laushi, a rage Flow zuwa kashi 2 ko 3, a riƙa shafa fari inda rana za ta taɓa, baƙi inda ba za ta kai ba. Mataki biyu ne. Da farko jiki gaba ɗaya: kafaɗar hagu da gefen ƙirji su yi haske, ɓangaren dama ya dusashe a hankali, kamar yadda fuskar ta yi. Bayan haka sai tattara ɗaya bayan ɗaya. Kowace tattara ɗan tudu ce, tana da gefen da ke fuskantar haske da gefen da ya ba shi baya, kuma babbar riga da aka naɗe hannunta a kafaɗa tana da su da yawa. Nan ne haƙuri ke ƙarewa, nan ne kuma ake gane aikin gaggawa: kafaɗa tana cewa rana tana hagu, ƙananan tattarar suna cewa tana dama.

Shadda tana da nata ƙarin wahalar. Sheƙin da bugu ke ba ta yana mayar da haske kamar madubi marar kyau, kuma wurin da ƙyallin ya bayyana ya dogara da inda fitila take da inda kyamara take. Ƙyallin laima faffaɗa ne mai laushi, na rana ƙarami ne mai ƙarfi. Idan an bar faffaɗan farin ƙyalli a kafaɗar da ya kamata ta shiga inuwa, sai an danne shi, ko a rufe shi da yadin da aka kwafo daga kusa.

Duk wannan aikin ya fi kyau a yi shi ba tare da launi ba. A ɗora leyar Black & White a can sama, hoton ya koma fari da baƙi, sai ido ya daina ruɗuwa. A nan za a ga ko farin rigar ya fi ƙarfin wurin. Kwamfuta tana auna hasken kowane ɗigo daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Farar riga a hoton gaske ba ta cika zama 255 ba sai a wurin ƙyalli, kuma gefenta da ke inuwa yana iya sauka ƙasa da rabin haka. Haka nan inuwa mafi duhu a cikin rigar kada ta fi inuwa mafi duhu da ke cikin asalin hoton, misali ta ƙarƙashin haɓa ko ta cikin gashi. Da Curves ake sauke farin a kuma ɗaga baƙin har su yi daidai da na hoton.

Sai yanzu za a kashe leyar fari da baƙi a koma ga launi.

Hasken da muke kira fari ba iri ɗaya ba ne. Ana auna launinsa da ma'aunin Kelvin, wanda aka sa wa sunan masanin kimiyyar Birtaniya William Thomson, Lord Kelvin. Tushen ma'aunin shi ne yadda abu mai zafi ke canja launi: ƙarfe a maƙera yana fara yin ja, ya koma ruwan goro, ya yi rawaya, idan zafin ya ƙaru ya doshi fari. Don haka ƙaramar lamba tana nufin haske mai ja, babba kuma mai shuɗi. Harshen kyandir yana wajen 1,900. Tsohon ƙwan lantarki mai zare yana wajen 2,700. Ranar tsakar rana da filasha suna kusa da 5,500. Ranar hadari takan kai 6,500 ko fiye, inuwar da sararin sama kaɗai ke haskawa kuma tana wuce 7,000. Rana idan ta kusa faɗuwa tana sauka zuwa wajen 3,000. Ƙwaƙwalwarmu tana gyara wannan bambanci ba mu sani ba, shi ya sa farar takarda take fara a idonmu da rana da dare. Kyamara ma tana ƙoƙarin yin haka da abin da ake kira White Balance, amma ba ta cika gyarawa duka ba, kuma kowace waya da irin nata hukuncin.

Wannan ya sa sanin lambar Kelvin kaɗai ba ya gama aiki. Abin da ake bukata shi ne launin da ya rage a cikin wannan hoton bayan kyamara ta yi nata gyaran. Hasali ma idan hoton JPEG ne, kamar yawancin waɗanda ake turowa ta waya, maɓallin Temperature a Camera Raw ba ya nuna Kelvin, yana tafiya ne daga -100 zuwa +100. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a nemi wani abu a hoton da aka san ba shi da launi a zahiri, a auna shi. Katangar siminti, kwalta, farar takarda, farar kujerar roba. Farin ido da haƙora ba abin dogaro ba ne, domin suna da ja da rawaya nasu. Farin kaya ma yana yaudara, tunda wanda aka wanke da bula ko da sabulun gari mai ƙara fari yana karkata zuwa shuɗi.

A hotonmu akwai katanga. A ɗora Color Sampler a inda rana ta haska ta, a karanta lambobin ja da kore da shuɗi a akwatin Info. A ce an samu ja 190, kore 172, shuɗi 148. Da hasken ba shi da launi, da lambobin uku sun zo kusan ɗaya. Nan ja ya fi kore da kusan kashi 10 cikin ɗari, shuɗi kuma ya gaza kore da kusan kashi 14. Wannan shi ne launin hasken wurin. A auna farar rigar situdiyo, sai a ga misali 236, 240, 248, wato ta ɗan yi shuɗi. Idan ana son gefenta mai haske ya zauna a kore 225, lissafin ya ba da ja wajen 248 da shuɗi wajen 194. A buɗe Curves da aka ɗaure ga rigar, a shiga Red a ɗaga, a shiga Blue a sauke, har lambobin su kusanci haka. Wanda ya ga wannan launi shi kaɗai zai ce ruwan madara ne mai rawaya, ba fari ba. A cikin hoton kuwa, kusa da fuskar da ranar la'asar ta haska, fari sol ido zai gan shi. Siminti ba ya rasa ɗan launinsa, don haka lambobin jagora ne, ido ne zai yanke hukunci na ƙarshe. Ni nakan tsaya kaɗan kafin in kai cikakken lissafin, saboda mai hoton ya nemi farar riga ne.

Akwai abin da ke raba aikin gwani da na mai koyo a nan. A waje haske biyu ne ke aiki lokaci guda. Rana tana haska gefe ɗaya da launi mai ja, gefen da ba ta kai ba kuma sararin sama ne ke haska shi da shuɗi. A auna katangar a inda take cikin inuwa, za a iya samun ja 78, kore 84, shuɗi 98, akasin abin da aka gani a rana. Wanda ya zuba rawaya a kan rigar gaba ɗaya, da Photo Filter misali, zai sami inuwa mai launin ƙasa, rigar ta yi kamar ta sha ƙura. Gyaran yana cikin Curves ɗin nan: a layin Blue a sauke ɓangaren sama, na wurare masu haske, a ɗan ɗaga ɓangaren ƙasa, na inuwa.

Ja da shuɗi ba su ne kaɗai hanyar karkacewa ba. Doguwar fitilar nan mai bututu da wasu ƙananan fitilun caji suna jefa kore. Ganyen darbejiya ko mangwaro yana yin haka ga wanda ya tsaya ƙarƙashinsa, jar ƙasa tana turo ja daga ƙasa zuwa gindin riga, rumfar biki mai launi kuma tana rina duk wanda ya zauna cikinta. Maɓallin Tint ko layin Green a Curves ne ke kula da wannan. Akwai kuma Match Color, wanda ke kwafo launin hoto ya ɗora wa wani. Yana da amfani idan an zaɓa masa wurin da zai duba. Idan aka sake shi ya auna hoton duka, kuma bayan mutumin ciyawa ce, farar riga za ta fito kore-kore.

Wurin da aka fi kama haɗi shi ne wuya, inda yadi ya haɗu da fata. Haɓa tana jefa inuwa kan rigar, kuma a hotonmu dole ta faɗa dama, da kaifi irin na inuwar hanci. Bakin wuyan rigar shi ma yana jefa siririyar inuwa mai duhu kan fata daidai inda suka taɓa juna. Idan babu ita, rigar tana yawo a gaban mutum kamar an manna takarda. Ana zana su a leyar Multiply, da launin da aka ɗebo daga inuwar da ke cikin hoton. Baƙi tsantsa yana kashe fata. Sannan a tuna tsohuwar rigar ja ce, kuma ta bar jan haske a ƙarƙashin haɓa da gefen wuya. Farar riga ba za ta yi haka ba, ita haske take mayarwa sama. Don haka a rage jan da Hue/Saturation a wannan wurin kaɗai, a ɗan haskaka ƙarƙashin haɓar. Idan an ƙara hula, ita ma tana bin goshi bashin inuwa.

Rigar situdiyo takan fi hoton waya tsabta da kaifi, har a ga zaren saƙa alhali fuskar ta ɗan dushe. Ɗan Gaussian Blur na ƙasa da fikisel ɗaya da ɗan Add Noise suna sauke ta zuwa matsayin hoton.

Kafin a miƙa aiki, a ɗora leyar Hue/Saturation a sama a ja Saturation zuwa +100. Hoton zai yi muni, amma duk ɓoyayyen launi zai fito fili: idan gefen katanga mai rana ya zama ruwan goro, gefen rigar mai rana kuma ya zama shuɗi, da saura. A goge wannan leya, a rage hoton ya koma girman tambarin wasiƙa, domin a wannan girman ba a ganin ado, haske da inuwa kaɗai ke magana. A kuma tabbata an kashe Night light a kwamfuta ko makamancinsa a waya, domin yana sa gilashin ya yi rawaya, mai gyara ya yi ta ƙara shuɗi yana zaton yana daidaitawa. Idan hoton na bugawa ne, a fara buga ƙarami a fita da shi waje a duba da hasken rana kafin a tura babban fosta, saboda takarda ba ta haskawa kamar gilashi, kuma inuwar da ta yi daidai a kwamfuta takan fito da duhu fiye da yadda aka zata.